Jaka Saba'in da Biyar a Layin Baƙo

Kuɗin ba nawa ba ne, wannan ne ya fi damuna har yau. Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, shi ya sayar da raguna biyu a kasuwar Filinge, ya ƙirga jaka saba'in da biyar ya sa mini a hannu, ya ce: «Ɗana, kai ka san kan waya, tura wa ƙanenka a Yamai, matarsa na kwance asibiti.» Na tura. Kuɗin suka sauka a layin wani bawan Allah da ban taɓa gani ba. Kuskuren buga lamba kowa na iya yinsa, kuma da a nan abin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da na yi bayan na gane kuskuren shi ya jawo asara, musamman saƙon farko da na rubuta wa kamfanin ina neman a mayar mini da kuɗin.

Ga wanda bai san ƙasarmu ba, Filinge na cikin Dallol Boso, a jihar Tilaberi, kusan kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kan hanyar da ta bi ta Baleyara da Bonkuku. Kurfayawa mutanen cirani ne, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wani nasu yana Yamai ko Kwatano ko Abijan ba. Da can ana ba direban mota kuɗi a ƙulle cikin takarda. Tun da rashin tsaro ya shigo yankin, har aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar a 2017, mutane suka rage yawo da kuɗi a aljihu. Yanzu ko dai ka je shagon su Nita da Amana da Al Izza, ko ka tura ta layin waya, irin su Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash. Ba zan faɗi wanda na bi ba, don laifin ba nasu ba ne.

Hanyoyin nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma ni sai bayan da ta faru na lura. A shago, kuɗin da ka tura da sunan mutum suna zaune a hannun kamfani har sai ya je da lambar karɓa da katin shaidarsa. Kafin ya karɓa akwai sararin gyara. A layin waya kuwa babu zaman jira. Kana buga lambarka ta sirri, kuɗin sun bar asusunka sun shiga na wancan, kuma daga wannan daƙiƙar yana iya cire su a kowane shago, ko ya tura wa wani, ko ya sayi kuɗin kira da su.

Lambobin waya a Nijar takwas ne, kuma biyu-biyu muke karanta su, galibi da Faransanci ko da da Hausa muke hira. Ƙanen nawa ya canza layi, ya karanto mini sabuwar lambar ta waya ina tsakiyar kasuwa, rezo na yankewa. Biyun ƙarshe 67 ya ce, ni 77 na ji, don a Faransanci gaɓa ɗaya ƴar ƙarama ce ta raba su. Ban maimaita masa ba, ban ce ya rubuto mini ba. Da na shigar da lambar, waya ta nuno mini sunan mai layin kafin in tabbatar, sunan da ban sani ba. Na gani da idona. Amma a wajenmu mutane da yawa layinsu da katin shaidar wa ko maƙwabci aka yi masa rajista, har mun saba ganin suna dabam mu wuce. Na ce a raina ai da katin abokinsa ya sayi layin, na buga lambar sirri. Ƙarfe 10 da minti 42 na safe ke nan.

Sai bayan la'asar ƙanen nawa ya kira: «Yaya, shiru nake ji, an hana mu magani sai an biya.» Na buɗe saƙon shaidar da kamfani ya turo, na karanta masa lambar, ya ce ba tasa ba ce.

A nan na yi babban wautar. Maimakon in fara da kamfani, sai na kira mai layin nan take, zuciyata na tafasa. Ban yi cikakkiyar sallama ba. Na ce masa kuɗina sun shiga layinsa, ya mayar mini yanzu-yanzu, in ba haka ba zan kai shi wajen jandarma. Ya ce: «Malam, wane ne kai?» Na ƙara ɗaga murya. Ya kashe wayar.

Sai ka sa kanka a matsayinsa ka ga yadda maganata ta faɗa kunnensa. Akwai tsohuwar damfara da kowa ya sani a ƙasar nan: wani ya turo maka saƙon ƙarya mai kama da na kamfani, cewa kuɗi sun shigo, sannan ya kira yana kuka ko yana zare ido, wai kuskure ne, ka taimaka ka mayar. In ka tura, daga naka ka tura, don babu abin da ya shigo. Kamfanonin da kansu suna jan kunnen mutane a kan haka. Kalmomin da na faɗa wa mutumin nan su ne ainihin kalmomin ɗan damfara, har da gaggawar da barazanar. Mai hankali ma kashe waya zai yi.

Daga nan na kira layin sauraren abokan hulɗa na kamfanin, na daɗe ina jira, kira ya yanke. Sai na koma hanyar da suka tanada ta rubutaccen saƙo, na rubuta abin da yanzu nake jin kunyarsa. Na fara da roƙo don Allah don Annabi. Na ba da labarin kawu da ragunansa, da marar lafiya, da yadda zan kalli idon dangi. Na ce wani ɓarawo ya riƙe mini kuɗi. Na rufe da cewa su mayar mini da jaka saba'in da biyar cikin daren nan. Saƙon ya yi tsawo, amma babu lambar da na tura wa a cikinsa, babu lokaci, babu lambar shaidar turawa. Na kwanta ina ganin na kai ƙara. Da safe amsa ta zo, layi biyu cikin ladabi, suna tambayar duk abin da ban rubuta ba. Dare guda ya tafi a banza. Su kuwa na asibiti, a daren na ranci wasu kuɗin wajen wani aboki na tura musu, wannan karon bayan an rubuto mini lambar.

Wanda ya gyara mini hanya wani dattijo ne mai shagon ajiya da cirar kuɗi kusa da tasha. Ya karɓi wayata ya karanta saƙon, ya girgiza kai ya ce: «Malam, wanda zai karanta wannan yaro ne a gaban na'ura, ba alƙali ba. Ba shi da wurin da zai rubuta raguna. Ba shi abin da zai nemo da shi.»

Abin da zai nemo da shi yana cikin saƙon shaidar da ke shigowa bayan kowace turawa. A ciki akwai wani jerin lambobi, wani lokaci haɗe da haruffa, wanda ake rubuta wa ID ko Réf a gabansa. Wannan jerin na turawa ɗaya ne tak a duk tsarin kamfanin, da shi ma'aikaci ke buɗe ta ya ga daga ina ta fito, ina ta je, nawa ne, da ƙarfe nawa. Babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, BCEAO, wanda shi ke da iko a kan kuɗin waya a ƙasashen nan takwas, ya fitar da ƙa'idojin wannan sana'a a 2015, kuma a cikinsu an wajabta wa kamfani ajiye sawun kowace hada-hada. Ke nan kuɗi ba sa ɓata a tsarin, an san inda suke. Amma sai ka nuna musu wace turawa kake nufi. Allah ya taimake ni ban goge saƙon ba, don ina da ɗabi'ar share saƙonni in waya ta cika.

Abu na biyu da dattijon ya gyara shi ne roƙon kansa. Ni na ce a mayar mini. Ya ce wannan ba abin da yaron zai iya yi da hannunsa ba ne a take, ka roƙi abin da zai yiwu yau: a tsare kuɗin a inda suke. Da farko na ji haushi, na ce kuɗina ne, ga shaida, me ya sa ba za su ciro su kawai ba? Ya nuna mini wani mai hatsi da ke ƙetaren hanya. Ya ce in mutum ya sayi buhun hatsi wajensa ya biya ta waya, ya ɗora buhun a amalanke, sannan ya kira kamfani ya ce kuskure ne aka mayar masa, gobe wa zai sake karɓar kuɗin waya a kasuwar nan? Kamfani ba ya ganin abin da ke tsakanin mai turawa da mai karɓa. Turawar kuskure da biyan bashi kamanninsu ɗaya a na'ura: lamba ta tura wa lamba, an buga lambar sirri daidai. Don haka dole su ji ta bakin ɗayan kafin su taɓa abin da ke asusunsa. Tsarewa kuwa ba ta ƙwace wa kowa komai, tana dai hana kuɗin motsi har a bincika. Yau ina ganin wannan tsari daidai ne, ko da yake ranar bai yi mini daɗi ba.

Ga saƙo na biyu da muka rubuta tare. Da Faransanci muka aika shi, don da shi ake aikin ofis, amma ga abin da ya ƙunsa, na ɓoye lambobin:

«Assalamu alaikum. Ni ne mai layi mai lamba kaza, sunana kaza kamar yadda yake a rajistar layin. Jiya, ran kaza ga watan kaza, da ƙarfe 10:42 na safe, na tura 75 000 F CFA daga asusuna zuwa lamba kaza, mai ƙarewa da 77. Lambar shaidar turawar ita ce kaza. Kuskure ne daga gare ni: na yi nufin lamba kaza, mai ƙarewa da 67. Ban san mai layin da ya karɓa ba, babu ciniki ko bashi tsakaninmu. Na kira shi sau ɗaya jiya da yamma, ba mu fahimci juna ba. Ina roƙon ku tsare wannan adadi, ko abin da ya rage daga cikinsa, a asusun da ya karɓa, ku tuntuɓi mai shi, sannan ku mayar da kuɗin asusuna. Ina roƙon lambar wannan ƙorafi don in riƙa bibiya. Ga hoton saƙon shaidar da na katin shaidata. Na gode.»

Kowace jimla a ciki da aikinta. Sa lambobin biyu kusa da juna, wadda na tura wa da wadda na nufa, shi ne hujjata mafi ƙarfi, don duk wanda ya ga bakwai sun yi daidai ɗaya ta saɓa ya san yatsa ko kunne ne ya kuskure. Adadin kuma da alƙaluma muka rubuta shi, da tamma. Mu a kasuwa da dala muke lissafi, dala ɗaya tamma biyar, har kuɗin nan wani zai kira su dubu goma sha biyar. Na'ura ba ta san dala ba, ba ta san jaka ba. Kalmar ɓarawo dattijon ya sa na cire ta. Ya ce mutumin bai shiga aljihunka ba, kai ka kai masa, kuma in ka kira abin sata ka buɗe wata ƙofa dabam wadda ba ka da hujjarta. Maganar kiran da na yi kuwa na so in ɓoye ta, ya ce a'a, in sun kira shi zai faɗa, gara su ji daga bakinka.

Akwai abu guda da ba ya shiga irin wannan saƙo ko kaɗan, wato lambar sirri. Ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatarta don ya duba turawa. Na faɗi haka ne don mai neman kuɗinsa ido rufe shi ne abincin ƴan damfara. Duk wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake, ka faɗa masa lambar sirri ko ka tura wani abu kafin a sako maka kuɗinka, to kashe wayar.

A wannan ranar aka ba ni lambar ƙorafi, aka kuma shaida mini an tsare abin da aka tarar. Jaka talatin ne. Arba'in da biyar sun riga sun fita. Abin da ya fita, kamfani ba shi da hannun da zai kamo shi da shi, don mai shagon da ya ba da takardun kuɗi ya bayar ne bisa ƙa'ida, ga mai layi, da lambar sirrinsa. Na nemi su gaya mini sunan garin mutumin da inda ya cire, suka ce ba sa ba wa wani bayanan wani, sai in hukuma ce ta nema a rubuce bayan na kai ƙara. Bayan ƴan kwanaki, da suka same shi ya amsa cewa bai san mai turowar ba, jaka talatin suka dawo asusuna. Ladan turawar da aka cire mini tun farko bai dawo ba, ban kuma nema ba.

Sauran fa? Hanya biyu ce. Ta farko ƙara. Dokar ƙasa a nan a fili take, wanda ya karɓi abin da ba a bin sa, ko da bisa kuskure, wajibi ne ya mayar. Malamanmu ma haka suke faɗa: tsintuwar da ba a san mai ita ba cigiyarta ake yi, balle wadda mai ita ke kiran waya. Amma da na yi lissafin kuɗin mota, da zirga-zirga, da cewa mutumin ƙila yana wata jiha mai nisa, sai na ga kuɗin neman za su kusa cinye abin da ake nema. Na bi ta biyu. Na gaya wa kawu gaskiyar duk abin da ya faru, wanda shi ma sai da na yi ta jan ƙafa kafin in iya. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ba shi lambar.

Kawu ya kira shi bayan sallar isha'i. Ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali da damina, ya faɗi sunansa da garinsu, ya ba da haƙuri a kan yadda ɗansa ya yi magana, sai can ya zo kan kuɗi. Mutumin manomi ne, kuma abin da ya faɗa shi ya fi komai yi mini ciwo. Ya ce shi bai san kuɗi sun shigo ba. Ba ya karatun boko, saƙon kamfani in ya shigo ba ya buɗewa. Kirana ne ya sa ya je shago bayan magariba a duba masa ko ƙarya ce, aka ce masa da gaske akwai kuɗi. Yana da ɗa a cirani da kan aiko masa jefi-jefi, sai ya raya a ransa ƙila shi ne, mai kiran kuwa ɗan damfara ne da ya sansano. Ya cire arba'in da biyar ya sayi hatsi ya biya wani bashi. Ko har zuciyarsa ya yarda da zancen ɗan, ko ya ga dama ce ya rufe ido, Allah ne masani. Abin da na tabbata shi ne tun ƙarfe 10:42 na safe har magariba kuɗin suna kwance cif ba a taɓa ba. Da saƙo na biyu ne na aika da la'asar, kafin in kira kowa, akwai kyakkyawan zaton a tsare su gaba ɗaya.

Ba ina cewa kada a taɓa kiran wanda ya karɓa ba. Mutane da yawa masu amana ne, suna mayarwa ba tare da an kai ga kamfani ba. Amma kira sanarwa ce gare shi cewa akwai kuɗi a hannunsa, don haka a fara sa kamfani ya tsare, a karɓi lambar ƙorafi, sannan a kira da ladabi. Kuma kada a ce masa ya turo. A ce masa ya duba asusunsa da kansa, kamfani zai neme shi, ya amsa musu gaskiya. Wannan ya raba ka da ɗan damfara, don shi ɗan damfara ba ya son a sa kamfani a tsakani.

A Kenya, inda M-Pesa ta fara aiki tun 2007, yawan irin wannan kuskure ya sa aka rage wa mutane wahalar rubutu: mai turawa na iya aika saƙon shaidar kansa zuwa 456 don neman a mayar, tunda duk bayanan da ake buƙata suna ciki. Ko a can ma sai an tuntuɓi wanda ya karɓa, kuma abin da aka riga aka cire ba ya dawowa ta wannan hanyar. Da kamfanoninmu za su yi irin wannan gajeriyar hanya, su kuma sanar da ita da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci a gidajen rediyo, da an taimaki mutanen karkara da ba sa iya tsara wasiƙa da Faransanci, waɗanda kuma ba kowannensu ke da dattijon tasha a kusa ba.

Manomin ya yi wa kawu alkawarin biya in an yi girbi. Ya turo jaka goma sha biyar bayan an cire wake, ya ƙara goma daga baya, daga nan layin ya daina shiga. Kawu ya ce a bar shi. Jaka ashirin da suka rage, da ladan turawa biyu, daga albashina na cika su na biya abokin da ya ranta mini.

Mai karatu, in ka buɗe wayarka ka ga lambar ɗan'uwanka da aka karanto maka da baki ka adana, ka sa ya kira ka da layin ko ya rubuto ta kafin ka tura masa ko dala. In sunan da ya fito ba nasa ba ne, tsaya ka tambaye shi da sunan wa aka yi wa layin rajista. In kuma ta riga ta faru, kada ka goge saƙon shaidar, kuma kamfani za ka fara nema kafin mai layin.